Lissafin pH na asid mai rauni: yaushe ne ya halatta a zubar da x?

Nafisa (Daura): Assalamu alaikum malamaina da yayyena na wannan zaure. Ina da wata tambaya a kan aikin gida da aka dawo mana da shi jiya, wadda ta tsaya mini a rai. An ba mu ruwan asid na asetik, CH₃COOH, mai kaurin 0.0010 mol a kowace lita, aka ce Ka = 1.8 × 10⁻⁵, aka nemi mu fitar da pH. Na rubuta Ka = x²/(C − x), inda C ita ce kaurin asid ɗin, x kuma yawan H⁺ da ya fito, na zubar da x ɗin da ke ƙasa kamar yadda muka saba, na samu x = 1.34 × 10⁻⁴, wato pH = 3.87. Ƙawata ta bi doguwar hanya ta kwadiratik ta samu 3.90, aka ba ta cikakken maki, ni kuwa aka rage mini. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, makon da ya wuce da wannan asid ɗin, da wannan Ka ɗin, amma a kaurin 0.10, na bi hanyar nan tawa na samu 2.87, kuma malamin ya amince. Me ya sa abin da ya halatta makon jiya ya haramta yau?

Bishir (Ƙofar Ƙaura, Katsina): Wa alaikumus salam ƙanwata. A ganina an matsa miki ne kawai. Asetik asid ne mai rauni, kuma kowa ya san abin da ke rabuwa daga cikinsa bai fi kashi 1 cikin 100 ba, don haka x ba komai ba ce idan aka gwada ta da C. Tun muna sakandare haka ake yi, duk inda aka ce asid mai rauni ne sai a zubar da x a ci gaba. Ki koma wurin malamin cikin ladabi ki nuna masa.

Malam Lawal Sada: Bishir, kada ka tura yarinya ta je ta yi gardamar da ba za ta ci ba. Kashi 1 cikin 100 ɗin da ka ambata gaskiya ne, amma na kaurin 0.10 ne kaɗai, ba hali ne da asid ɗin yake yawo da shi ko'ina ba.

Nafisa, ɗiyata, amsar tambayarki tana cikin lissafin da kika riga kika yi, mataki ɗaya ne kawai kika bari. Lokacin da kika zubar da x, tamkar bashi kika ci: kin ɗauka cewa C − x daidai yake da C tun kafin ki san girman x. Da zarar x ta fito, wajibi ne ki waiwaya ki duba ko abin da kika ɗauka ya tabbata, kuma dubawar ita ce ki raba x da C. A aikin makon jiya x ta fito 1.34 × 10⁻³, idan kika raba ta da 0.10 za ki samu kashi 1.3 cikin 100. Cire wannan daga 0.10 bai sauya komai ba, domin abin da ya rage 0.0987 ne. A aikin jiya kuwa x ta fito 1.34 × 10⁻⁴, kuma idan kika raba ta da 0.0010 za ki samu kashi 13.4 cikin 100. Wato kin ce asid ɗin da bai rabu ba 0.0010 ne, alhali lissafinki da kansa yana cewa fiye da kashi ɗaya cikin takwas ya riga ya rabu. Ƙa'idar da akasarin malamai suke bi ita ce, idan x/C bai wuce kashi 5 cikin 100 ba, a karɓi gajeriyar hanya, idan ya wuce, a koma kwadiratik.

Dalilin da ya sa kason ya tashi kuwa shi ne, a gajeriyar hanya x = √(Ka × C), saboda haka x/C = √(Ka/C). Da yake C tana ƙasa, duk lokacin da kika ƙara ruwa kason da ke rabuwa yana ƙaruwa. Kin tsinka asid ɗin sau 100, kason ya ninka sau 10, daga 1.3 zuwa 13. Wannan ita ce dokar da Ostwald ya fitar a 1888, kuma tana nufin raunin asid shi kaɗai ba ya ba mutum izinin zubar da x, sai an haɗa shi da kauri an duba.

Nafisa (Daura): Na gode Baba Malam, yanzu na ga inda na tsallake. Amma ina roƙon a nuna mini kwadiratik ɗin dalla-dalla, domin na gwada shi daren jiya sau biyu, kowane karo amsa daban nake samu, har sau ɗaya pH ɗin ya fito 3.46.

Malam Lawal Sada: To, ga shi. Daga Ka = x²/(C − x), ki ninka ɓangarorin biyu da C − x, ki kwaso komai gefe guda, sai ki samu x² + Ka·x − Ka·C = 0. Amsar da ke da ma'ana ita ce x = [−Ka + √(Ka² + 4·Ka·C)]/2, ɗayar kuwa tana fitowa ƙasa da sifili, kuma babu kaurin da ke ƙasa da sifili. A naki aikin Ka² = 3.24 × 10⁻¹⁰, sannan 4·Ka·C = 7.2 × 10⁻⁸. Idan kika haɗa su za ki samu 7.23 × 10⁻⁸, tushensa kuma 2.69 × 10⁻⁴. Ki cire 1.8 × 10⁻⁵, wato 0.18 × 10⁻⁴, saura 2.51 × 10⁻⁴, ki raba biyu, x = 1.25 × 10⁻⁴. Daga nan pH = 3.90, kamar yadda ƙawarki ta samu.

Shi kuma 3.46 ɗin nan na san shi, na sha ganinsa a takardun ɗalibai. Ina kyautata zaton a kalkuleta kin danna 1.8, kika danna alamar ninkawa, kika rubuta 10, sannan kika danna `EXP` da −5. Maɓallin `EXP` ya riga ya ƙunshi goman a cikinsa, don haka abin da kika shigar 1.8 × 10⁻⁴ ne, Ka ta ninka sau goma. Idan aka yi kwadiratik da wannan lambar, x tana fitowa 3.44 × 10⁻⁴, pH kuma 3.46. Ki danna 1.8, sai `EXP`, sai −5 kai tsaye.

Nafisa (Daura): Wallahi haka na yi, Baba Malam. Na sake dannawa yanzu, 3.90 ya fito.

Bishir (Ƙofar Ƙaura, Katsina): Malam, na karɓi gyara a kan maganata ta farko. Sai dai na je na buɗe littafin da muka yi karatu da shi, kuma ƙa'idar da ke ciki ba ta kashi 5 ba ce. Cewa aka yi a raba C da Ka tun kafin a fara lissafi, idan abin da ya fito ya haura 100 a zubar da x. A aikin Nafisa 0.0010 a raba da 1.8 × 10⁻⁵ ya ba da kusan 56, don haka ko a wannan ma'aunin ta faɗi, na yarda. Amma na lura ƙa'idojin biyu ba sa tafiya tare. Idan C/Ka ya zama 200 misali, littafina ya ce a wuce, ku kuma kun ce a tsaya, domin √(1/200) ya kai kashi 7 cikin 100. Ɗaya daga cikinsu dole kuskure ne.

Sanusi Mai Shago: Ku gafarce ni malamai, ni ba ɗan kimiyya ba ne sosai, amma ina bibiyar zauren. Wannan kashi 5 cikin 100 da ake ta ambata, shi ne wanda nake gani a jikin kwalbar ruwan khal da nake sayarwa? Domin an ce mini khal ɗin asetik ne. Kenan idan khal ya wuce kashi 5 lissafin ya lalace?

Malama Hadiza Dikko: A'a Malam Sanusi, dacewar lamba ce kawai. Kashi 5 na jikin kwalba yana faɗin yawan asid ɗin da ke cikin ruwan ne, kimanin giram 50 a lita, wanda ya kama kusan 0.83 mol a lita tunda mol ɗaya na asetik giram 60 ne. Namu kashi 5 ɗin kuwa yana magana ne a kan kason asid ɗin da ya rabu ya saki H⁺. Hasali ma khal ɗinka yana cikin wuraren da gajeriyar hanya ta fi yin kyau, domin x tana fitowa 3.9 × 10⁻³, ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin 100 na 0.83, pH kuma kusan 2.4. Ƙara kauri ba ya ɓata ƙiyasin nan, tsinkawa ce take ɓata shi.

Malam Lawal Sada: Na gode Malama. Bishir, tambayarka ta biyu ta fi maganarka ta farko nauyi nesa ba kusa ba, kuma amsarta ita ce babu wanda ya yi kuskure, abubuwa biyu daban ake aunawa da kashi 5 ɗin.

Fara da tamu. Idan ana son x/C kada ya wuce 0.05, to √(Ka/C) kada ya wuce 0.05, wato Ka/C kada ya wuce 0.0025, wanda yake daidai da a ce C/Ka ya kai 400. Ka ga ƙa'idar kashi 5 da ƙa'idar 400 abu ɗaya ne, ɗaya ana dubawa bayan lissafi, ɗaya kafin lissafi. Yanzu ka tambayi kanka, idan na yi kuskuren kashi 5 a cikin C − x, kuskuren nawa ne zai bayyana a x? Ba kashi 5 ba ne, domin C − x tana ƙarƙashin alamar tushe ne, kuma tushe yana raba ƙaramin kuskure gida biyu. Tushen 0.95 kusan 0.975 ne, saboda haka kuskuren da ke cikin x kusan kashi 2.5 ne kawai, wanda a pH bai wuce 0.01 ba. A wurin da C/Ka ya zama 100 kuwa, gajeriyar hanya tana ba da x/C = 0.100, kwadiratik yana ba da 0.095. Kason da ya rabu ya kusa kashi 10, amma kuskuren da ke cikin x ɗin kanta shi ne kusan kashi 5, kuma a pH ya kama 0.02. Don haka mai littafinka ya yarda da kuskuren kashi 5 a cikin amsa, mu kuma mun ƙi yarda da fiye da kashi 5 a cikin abin da aka zubar. Akwai ma littattafan da suke neman 500 ko 1000.

Ni ina koyar da 400, saboda ana rubuta pH da lambobi biyu bayan ɗigo, kuma a wannan iyakar kuskuren bai fi ɗaya a lambar ƙarshe ba. Ita kanta Ka ɗin da aka ba mu lambobi biyu gare ta. Wasu teburori suna rubuta 1.75 × 10⁻⁵, wasu 1.8 × 10⁻⁵, kuma wannan bambancin shi kaɗai yana motsa pH da kusan 0.006. Babu amfanin mutum ya wahalar da kansa a kan kuskuren da bai kai rashin tabbas ɗin lambar da ya fara da ita ba, amma da zarar kuskuren ya fi wannan girma sau uku ko sau biyar, kamar 0.03 na Nafisa, ya zama nasa ne, ba na teburi ba.

Bishir (Ƙofar Ƙaura, Katsina): Na fahimci asalin lambobin biyu yanzu. Amma Malam, gaskiya har yanzu ina ganin rage maki saboda 0.03 tsanani ne. Wace na'ura ce a makarantunmu za ta bambance 3.87 da 3.90?

Malam Lawal Sada: Ba don 0.03 aka rage mata ba, don ba ta duba ba ne. Wanda bai saba dubawa ba, ranar da kuskuren ya yi girma ma ba zai sani ba. Ɗauki asid na kuloro-asetik, ClCH₂COOH, mai Ka = 1.4 × 10⁻³, a kaurin 0.010. Gajeriyar hanya tana ba da x = 3.74 × 10⁻³, kashi 37 cikin 100, pH 2.43, amsar gaskiya kuwa 3.11 × 10⁻³ ce, pH 2.51. A yawan H⁺ an yi ƙarin kashi 20 cikin 100, pH ne kawai yake ɓoye girman abin saboda logaridim ne. Ko ka koma kan asetik ɗin Nafisa ka tsinka shi zuwa 1.0 × 10⁻⁵. Gajeriyar hanya za ta ce x = 1.34 × 10⁻⁵, wato H⁺ ɗin da ya fito ya fi dukan asid ɗin da aka zuba yawa, abin da ba zai taɓa yiwuwa ba. Kwadiratik yana ba da 7.2 × 10⁻⁶, pH 5.15, kuma a nan kusan kashi 72 na asid ɗin da ka ce bai fi kashi 1 ba ya rabu.

Ga wanda kwadiratik yake rikita shi a ɗakin jarrabawa, akwai hanyar maimaitawa. Ka ɗauki x ta farko ka cire ta daga C, ka sake lissafin √(Ka × (C − x)), ka ci gaba da haka har lambar ta daina motsi. A kuloro-asetik ɗin nan lambobin suna tafiya 3.74, 2.96, 3.14, 3.10, 3.11, duka a ninka da 10⁻³, suna tsallaka amsar hagu da dama har su zauna a kanta. A aikin Nafisa zagaye biyu ya isa.

Malama Hadiza Dikko: Malam, da izininka zan ƙara wani rami da ƙa'idar 400 ba ta gani ko kaɗan, domin na ga ɗalibai suna ɗaukar cewa da zarar C/Ka ya yi girma an tsira. A cikin Ka = x²/(C − x) akwai ƙiyasi na biyu da ba a faɗa, wato an ɗauka cewa duk H⁺ daga asid yake fitowa, ruwa bai kawo komai ba. Ku gwada HCN, mai Ka kusan 6.2 × 10⁻¹⁰, a kaurin 1.0 × 10⁻⁵. C/Ka ya haura 16,000, don haka ta wannan fuskar babu matsala. Amma x tana fitowa 7.9 × 10⁻⁸, pH 7.10. An zuba asid a tsarkakakken ruwa, lissafi ya ce ruwan ya koma ɓangaren alkali. Kwadiratik ma ba zai cece ku ba, kusan amsar nan zai sake bayarwa, domin ba x ɗin ƙasa ce matsalar ba. Ruwa da kansa yana da H⁺ na 1.0 × 10⁻⁷ a zafin digiri 25, kuma a nan ya fi abin da asid ɗin ya kawo. Gyaran shi ne a sa Kw, lambar rabuwar ruwan kansa, a ciki, [H⁺] = √(Ka·C + Kw), wato tushen 6.2 × 10⁻¹⁵ haɗe da 1.0 × 10⁻¹⁴, wanda ya ba da 1.27 × 10⁻⁷, pH 6.90. Abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne, duk lokacin da x ta fito ƙasa da 10⁻⁶, wato pH ya haura 6, su tsaya su tuna da ruwa.

Nafisa (Daura): Kenan Anti, dubawa biyu ce: x da C, sannan x da 10⁻⁷. Amma wannan √(Ka·C + Kw) ɗin, shi ma ai ya zubar da x ɗin ƙasa ne, ko? Idan duka biyun suka lalace lokaci guda fa?

Malama Hadiza Dikko: Haka ne, kin gano shi. Yana aiki ne kawai idan kason da ya rabu ƙarami ne, kamar a HCN ɗin nan da bai wuce rabin kashi ɗaya cikin 100 ba. Idan duka biyun suka lalace, misali asetik a kaurin 10⁻⁷, sai an haɗa daidaiton caji da daidaiton yawan asid, lissafin ya koma mai x³, kuma yawanci da kwamfuta ko da maimaitawa ake warware shi. Ba na zaton za a kawo muku shi a wannan matakin.

Kabir (ɗakin gwaje-gwaje, Katsina): Ni tawa matsalar daban ce, amma tana da alaƙa da aikin nan. Kwanakin baya na haɗa wa ɗalibai wannan ruwan na 0.0010 ɗin daidai, don su gwada lissafi da awo. Na'urar auna pH ba ta nuna 3.87 ba, ba ta nuna 3.90 ba, sama da 4.2 ta nuna. Ɗalibai suka ce ashe duk gardamar kwadiratik ɗin aikin banza ce. Na rasa abin da zan ce musu, kuma har yau ban tabbatar da dalilin ba.

Malama Hadiza Dikko: Malam Kabir, da wane ruwa ka tsinka shi, kuma yaushe rabon da a saita na'urar da ruwan bafa na 4 da na 7?

Kabir (ɗakin gwaje-gwaje, Katsina): Tataccen ruwanmu ya ƙare a makon, sai na yi amfani da ruwan leda. Saitin na'ura kuma ya kai wata biyu, domin bafar 4 ɗin ta ƙare.

Malam Lawal Sada: To ai ka kawo masu laifi biyu, kuma ni na fi zargin ruwan. Ruwan sha, na leda ne ko na burtsatse, yakan ƙunshi baikabonet, wanda yake cinye H⁺. A kaurin 0.10 ba za ka lura ba, amma a 0.0010 duk asid ɗin da ke cikin lita guda milimol ɗaya ne tak. Idan ruwan ya zo da baikabonet na kashi ɗaya cikin huɗu na milimol, ya mayar da rubu'in asid ɗin asetet, abin da ke cikin kwalbarka ya zama bafa, pH kuma ya tashi zuwa wajen 4.36. A nan x ba ta zama daidai da yawan asetet kuma, don haka x² ɗin da muka fara da ita ta rushe tun daga tushe.

Malama Hadiza Dikko: Ni kuma ba zan wanke na'urar da sauri haka ba, Malam. Na'urar da ta yi wata biyu ba a saita ta ba, musamman idan an bar bakin gilashinta ya bushe a zafin nan namu, tana iya kaucewa da 0.3 ita kaɗai ba tare da taimakon kowane ruwa ba. Ga shi a ruwa mai ƙarancin gishiri irin wannan takan daɗe kafin lambar ta tsaya, kuma ɗalibai sukan rubuta abin da suka fara gani. Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce. Malam Kabir ya haɗa 0.10 da wannan ruwan ledar ya auna. Idan ya samu kusan 2.9, na'urar lafiya take, laifin ruwa ne, domin ɗan baikabonet ɗin ba zai motsa kaurin 0.10 da fiye da 'yan ɗigo ba. Idan kuwa ya ga 3.2, to kaucewar tana bin na'urar duk inda ta je.

Kabir (ɗakin gwaje-gwaje, Katsina): Ruwan ledar na ranar ya ƙare, amma zan nemi na kamfani ɗaya in gwada ranar Litinin, in Allah ya kai mu, zan kuma ari bafar 4 a wurin wani abokin aiki in auna duka biyun kafin saiti da bayan saiti.

Bishir (Ƙofar Ƙaura, Katsina): Kafin Litinin ɗin, Malam Lawal, saura tambayata guda. Idan a jarrabawa C/Ka ya fito 250, kuma ban san ko mai duba takarda ɗan 100 ne ko ɗan 400 ba, wanne zan bi?

Malam Lawal Sada: Ka yi gajeriyar hanya, ka rubuta x/C a fili, zai fito kashi 6.3, sannan ka yi zagaye ɗaya na maimaitawa ka ba da amsar ta biyu. Bambancin amsoshin biyu a pH bai kai 0.02 ba, kuma layi biyu kawai ka ƙara a takardarka.